Yadda Ake Amfani da Aikin Wani a Kundin Digiri Ba Tare da Cin Amana Ba

Assalamu alaikum. Barkanku da zuwa, barkanku da hanya. Na san wasunku tun da asuba suka taso, wani daga Gumel, wani daga Birnin Kudu, wata daga Kazaure, ga masu biyo motar Haɗeja. Yawancinku kuma malaman sakandare ne ko ma'aikatan ƙaramar hukuma, da iyali a wuya, karatun nan a tsakanin aiki da gona za ku yi shi. Saboda haka ba zan cika ku da jawabi ba. Abu ɗaya na zo da shi, shi ne yadda za ku ɗauki maganar wani ku sa a kundinku har a gama lafiya, babu wanda ya kira ku ɓarawon rubutu.

A shekarun da na yi ina duba kundaye, ɗaliban da na ga an kama da satar fasaha, kaɗan ne cikinsu suka zauna da niyyar yin sata. Mafi yawa tun a littafin da suke rubuta bayanai abin ya lalace, wata shida ko shekara kafin su fara babi na biyu. Akwai wata ɗaliba da na taɓa dubawa, mai ƙwazo ce ƙwarai, malamar makaranta. Ta kawo mini babin bitar ayyukan da suka gabata, sai na ci karo da sakin layi guda da na san mai shi, kalma da kalma, babu suna a kai. Na kira ta ofis na nuna mata. Ta rantse ita ta rubuta, har da hawaye, ta ciro littafinta daga jaka ta buɗe mini. Ga maganar nan kuwa da rubutun hannunta, da shuɗin biro, a tsakiyar wasu bayanai nata na kanta. Ta kwafo ta ne a ɗakin karatu tun zangon farko, ba ta sa alama ba, ba ta rubuta shafi ba, da watanni suka wuce sai ta ɗauka tunaninta ne. Na yarda da rantsuwarta, amma da kundin ya kai gaban mai jarrabawa na waje a haka, abin da ke kan takarda zai duba, ba abin da ke cikin zuciyarta ba. Shi ya sa zan fara da littafin bayanai.

Kafin ka karanta layi ɗaya

Duk littafi ko maƙala ko kundin da ya shigo hannunka, aikin farko shi ne rubuta shaidarsa, tun ba ka buɗe babi na ɗaya ba. Sunan marubuci cikakke, shekarar bugu, sunan aikin, kamfanin da ya buga. In maƙalar mujalla ce, ka ƙara sunan mujallar, kundi na nawa, fitowa ta nawa, daga shafi na nawa zuwa na nawa, da lambar DOI, wato lambar shaidarta a intanet, in tana da ita. In kundin digiri ne, ka rubuta matakin digirin da sashe da jami'a. Minti uku ne aikin. Wanda ya bar shi sai ƙarshe, shi ne za ka gani ana saura mako guda a miƙa kundi yana neman kuɗin mota zuwa Kano don ya nemo littafin da ya riƙe shekara biyu da suka wuce, ya tarar wani ya are shi.

Masu yin fotokwafi da masu ɗaukar hoton shafi da waya, ku saurara da kyau, domin a nan aka fi faɗawa rami. Mutum ya ɗauki hoton shafi goma daga tsakiyar littafi, ya dawo gida, babu bango, babu suna. Ka fara da hoton bangon littafin, sannan shafin da ke bayan shafin suna, inda shekara da maɗaba'a suke, sannan shafukan da kake so, kuma ka tabbata lambar shafi ta fito a hoton. Mai kwamfuta yana iya sauke Zotero, kyauta ce, tana adana waɗannan bayanai har ta jera maka manazarta a ƙarshe. Wanda wutar lantarki ba ta zama a garinsu, littafi mai kauri guda ɗaya ya ishe shi, muddin ya keɓe shi don wannan aiki kaɗai.

Alamomi uku a littafin bayanai

Duk abin da za ka rubuta yayin karatu, ɗayan uku ne. Ko dai kalmomin marubucin ne ka kwafo yadda suke, ko ma'anarsa ce ka faɗa da bakinka, ko kuwa wani tunani ne ya zo maka kai kanka. To, kowanne ka ba shi alamarsa a gefen shafi tun lokacin da kake rubutawa. Ni nakan ce wa ɗalibaina su sa K ga abin da suka kwafo, M ga ma'ana, N ga nawa. Abin da ke ƙarƙashin K sai an sa masa alamar buɗe zance da rufewa da lambar shafi, ko da kalma biyar ce. Abin da ke ƙarƙashin M shi ma yana son lambar shafi. Wasu sukan yi da biro kala uku, ja da shuɗi da baƙi. Duk wanda ka zaɓa daidai ne, in dai ba ka canza shi a tsakiyar tafiya ba. Mai aiki a kwamfuta kuma, duk abin da ya kwafo ya liƙa, ya shafa masa launi nan take, kada ya cire launin sai ya sa madogara.

Da ɗalibar nan ta sa K ɗaya a gefen wancan sakin layi, da ba mu yi wancan zaman ba.

Mu yi aiki da misali

Ga wani sakin layi da na rubuta a allo don darasin yau. Mu ɗauka daga littafin wani malami ne, mu kira shi Wane, bugun 2015, shafi na 42. Ɗalibinmu kuma yana rubutu a kan noman fadama a yankin Guri.

"Bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗeja ya daina bin tsarinsa na da, wato cika da damina da janyewa da rani. Ruwan da ke kwance duk shekara ya ba ciyawar kacalla damar kafuwa a hanyoyin ruwa, ta toshe su, har wasu gonaki suka nutse, wasu kuma ruwa ya daina isa gare su."

Hanyoyi biyu ne halal a nan. Ta farko ita ce ka kawo maganar yadda take. Ana yin haka ne idan kalmomin kansu ne abin nema, kamar ma'anar wata kalma da marubucin ya bayar, ko hukuncin da kake son ka yi jayayya da shi, ko baitin waƙa. Idan gajeriya ce, ka sa ta cikin alamar zance a tsakiyar jimlarka, ka bi ta da suna da shekara da shafi, kamar haka: (Wane, 2015, sh. 42). A tsarin APA, wanda sassa da yawa ke bi, maganar da ta kai kalma 40 ko ta wuce, ana ware ta ne a sakin layinta, a tura ta ciki daga gefen hagu, ba a sa mata alamar zance. Wannan da ke allo ya haura 40, don haka warewa za a yi. Kuma in ka kwafo, ka kwafo da gaskiya. Ba ka da ikon gyara masa kalma don ta dace da ra'ayinka. In ka tsallake wani yanki, ka sa ɗigo uku a wurin, kuma kada abin da ka tsallake ya zama shi ne zai juya ma'anar.

Sai dai wannan sakin layi ba ya buƙatar a kwafo shi, domin bayani ne kawai, babu wata kalma a ciki da ba za ta sauyu ba. Hanya ta biyu ta fi dacewa, wato ka faɗi ma'anar da bakinka. A nan ne aiki yake, a nan ne kuma ake yawan zamewa. Ga abin da ɗalibai suka fi kawo mini:

"Bayan kafa dam na Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗeja ya bar bin al'adarsa ta da, wato tumbatsa da damina da raguwa da rani. Ruwan da ke zaune kullum ya ba kacalla damar yaɗuwa a magudanan ruwa, ta rufe su (Wane, 2015)."

Ku duba da kyau. Ya sa sunan Wane, amma duk da haka wannan ba ta tsira ba. Gina ya koma kafa, cika ya koma tumbatsa, toshe ya koma rufe, amma ginin jimlar na Wane ne, jerin tunanin nasa ne, har wurin da ya ja numfashi nan ɗalibin ya ja. Kamar mutum ne ya ɗauko rigar maƙwabcinsa ya kai marina aka sauya mata launi, ɗinkin kuwa yana nan. Sunan da ya sa a ƙarshe yana gaya wa mai karatu cewa ma'anar ta Wane ce, kalmomin kuma na ɗalibi ne, alhali rabin wannan magana ba gaskiya ba ce.

Ga yadda ake yi. Ka karanta sakin layin sau biyu ko uku har ka gane abin da yake nufi. Sannan ka rufe littafin, ka kife shi, ka ture shi gefe. Ka tambayi kanka: me ya sa nake buƙatar wannan a kundina? Ɗalibinmu yana buƙatarsa ne don ya bayyana dalilin da ya sa manoman Guri ke kuka da kacalla. To, daga kacalla zai fara, ba daga madatsa ba, tunda ita ce damuwarsa. Ya faɗi maganar da baki tukuna, kamar yana yi wa yayansa bayani a zaure bayan sallar isha'i, sannan ya rubuta abin da ya faɗa. Zai iya fitowa kamar haka:

"Kacalla ba ta jure wurin da ke bushewa tsawon rani. Wane (2015, sh. 42) ya danganta yaɗuwarta a kwarin Haɗeja da madatsun Tiga da Challawa, waɗanda suka sa ruwa ya riƙa zama a hanyoyinsa har lokacin da a da yakan ƙafe. A ganinsa, toshewar da ta biyo baya ta cuci manoma ta fuska biyu, masu ambaliya da masu ƙishin ruwa. Manoman da na zanta da su a Guri sun ƙara wata fuska ta uku, wato tsuntsayen jan-baki da ke kwana a cikin ciyawar suna afka wa shinkafa."

Yanzu sai ka buɗe littafin ka gwada. Abu biyu kake nema. Shin akwai inda kalma huɗu ko biyar suka jeru daidai da nasa? In akwai, ko ka sake su, ko ka sa musu alamar zance. Shin kuma ka ɗora masa abin da bai faɗa ba? Wannan ma cin amana ne, ko da yake ba a cika maganarsa ba. Ku lura da wani abu a misalin nan: mai karatu yana ganin inda maganar Wane ta fara, da "Wane ya danganta", yana ganin tana ci gaba, da "a ganinsa", yana kuma ganin inda ta ƙare, da "manoman da na zanta da su". Jimlar farko kuwa, ta cewa kacalla ba ta jure fari, in daga wani littafin ya samo ta, ita ma tana son nata madogarar. Wanda ya rubuta shafi guda cur sannan ya jefa suna ɗaya a ƙarshe ya bar mu cikin duhu, ba mu san ko jimlar ƙarshe ce ta Wane ko shafin duka ba.

Wani zai ce, to Malam, komai sai na sa masa suna? A'a. Cewa an ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ce hedikwata, tana da ƙananan hukumomi 27, wannan sanin kowa ne. Amma yawan jama'ar wata ƙaramar hukuma, ko buhu nawa ake samu a kadada, ko dalilin da ya sa wani abu ya faru, waɗannan wani ne ya ƙirga ko ya yi tunani, sai a ambace shi. Haka taswira, da jadawali, da hoto, da takardar tambayoyin da wani ya tsara. In ka yi shakka, ka sa madogara, ban taɓa ganin an kayar da ɗalibi don ya sa ba.

Fassara ba ta mai da abin wani naka

Wannan ya fi shafar 'yan sashen Hausa da Larabci da nazarin addinin Musulunci, amma kowa ya ji. Ɗalibi ya sami maƙala da Turanci ko da Larabci, ya zauna ya juya ta zuwa Hausa da guminsa, sai ya ga ai ya sha wahala, ta zama tasa. Guminka na fassara ne, tunanin na mai shi ne. In ka fassara kalma da kalma, ka sa alamar zance ko ka ware, ka kawo suna da shekara da shafi, ka ƙara da cewa fassarar taka ce. Sassa da yawa suna son a kawo asalin maganar ma kusa da fassarar, sai ka tambayi mai duba aikinka. Mu da muke karantawa muna gane Hausar da aka juyo daga Turanci tun daga layin farko, jimlolin sukan yi tsawo, su yi ta karkacewa ba irin tafiyar bakin ɗalibin ba.

Littafin da ba ka gani da idonka ba

Ga wani abu da ake yi kullum ba a ɗauke shi laifi ba. Kana rubutu a kan gandu, ka karanta a maƙalar Wane cewa Polly Hill ta faɗi kaza a littafinta na 1972 a kan Batagarawa ta ƙasar Katsina. Kai ba ka taɓa riƙe littafin ba. Sai ka rubuta (Hill, 1972) kai tsaye, ka sa shi a manazarta, kamar ka karanta. Ka yi ƙarya ke nan a kan karatunka, ka kuma ɓoye wahalar Wane da ya nemo maka. Haɗarin ya wuce nan ma: in Wane ya fahimce ta a karkace, ko ya yi kuskuren shekara, ka gaji kuskurensa ka sa hannu a kai. Da haka muke gane masu yi, sai ka ga kuskure ɗaya yana yawo a kundi biyar.

Mafita biyu ce. Mafi kyau ka nemo littafin ka karanta wurin da kanka. In ka samu, sai ya shiga manazarta a wannan siga:

```
Hill, P. (1972). Rural Hausa: A village and a setting. Cambridge University Press.
```

In ya gagara, sai ka faɗi gaskiya a cikin rubutun: Hill (1972), kamar yadda Wane (2015) ya ruwaito. A manazarta kuma Wane kaɗai zai fito, domin shi ka karanta. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna a gaban malamin zaure ya san isnadi, wane ya ji daga wane, shi kuma daga wane. A gabatarwar Sahihu Muslim an kawo maganar Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuwa littafi guda ya rubuta don kawai ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu. Wanda ya tsallake mutum ɗaya a silsila don ya nuna kamar ya ji daga babban malami kai tsaye, malaman hadisi suna da sunan da suke kiran aikinsa, tadlisi, kuma aibi ne a wurinsu.

Mutanen da ba su rubuta littafi ba

Wannan shi ya fi damuna, domin su ba su da hanyar kai ƙara. Da yawanku a ƙauye za ku yi bincike. Za ku zauna da sarkin noma, da masunci, da ungozoma, da tsohuwar da ta haddace waƙoƙin niƙa, da dattijon da ya san yadda aka kafa garin. Zai ba ka abin da ya tara shekara sittin a yini guda, ya sa a kawo maka fura, ya raka ka bakin hanya. Sai ka dawo ka rubuta "bincike ya nuna", kamar daga sama abin ya faɗo.

Tun kafin ka kunna rikoda, ka gaya masa ko kai wane ne, da abin da za ka yi da maganarsa, ka nemi izinin ɗauka. Ka tambaye shi ko yana son a ambaci sunansa. In ya yarda, ka rubuta suna, da shekarunsa a ƙiyasce, da sana'a, da gari, da ranar hira. In bai yarda ba, ko kuma maganar tana iya jawo masa fitina, kamar rikicin gona ko na sarauta, ka sakaya sunan, ka ce wani manomi mai kimanin shekara sittin a gari kaza, amma ka nuna cewa daga bakin mutum ka ji. Tsarin APA yana ambaton irin hirar da mai karatu ba zai iya komawa gare ta ba a cikin rubutu kawai, sassan Hausa da tarihi kuwa sun saba jera waɗanda aka yi hira da su a ƙarshen kundi. Ka bi na sashenka. Waƙa ko kirari kuma, ka faɗi wanda ya rera maka, in an san wanda ya ƙaga shi ma ka faɗe shi. Kada ka goge muryoyin daga waya sai bayan ka kare kundi, ka kuma ajiye kwafi a wani wuri, waya tana faɗawa ruwa.

Tsofaffin kundaye da shagon buga takardu

A nan ba zan daɗe ba, don babu wani abu mai wuyar ganewa. Za a nuna muku shagon da ke da kundaye a kwamfuta, a ce a sauya sunan gari kawai. Na taɓa karanta kundin da aka ce a kan wata ƙaramar hukuma ta Jigawa aka yi shi, a shafi na sittin da wani abu sai ga sunan wani gari na wata jiha da aka manta ba a goge ba. Wanda ya sayi kundi, ko ya biya wani ya rubuta masa, ba ya iya amsa tambaya ta biyu a ranar karewa. Tsohon kundi ana karanta shi, a ambace shi kamar kowane littafi. Har naka na digirin farko, in za ka ɗauko wani abu daga ciki, ka sanar da mai duba aikinka, ka kuma ambaci kanka, domin an riga an ba ka maki a kansa sau ɗaya. Kuma kada wani ya ce in an wuce an wuce. A 2013 Jami'ar Düsseldorf ta ƙwace digirin digirgir na Annette Schavan, tana ministar ilimi ta Jamus a lokacin, a kan kundin da ta rubuta tun 1980, ta kuma sauka daga muƙaminta.

Yadda ake karanta rahoton Turnitin

Kafin a ba ku damar karewa, za a sa kundinku a manhajar da ke gwada rubutu da abin da ke rumbunta, Turnitin ce aka fi sani. Za ta fito da kaso cikin ɗari. Ku fahimci cewa wannan lamba kamanni take aunawa, ba ta yanke hukuncin sata. Kundi yana iya nuna kashi 28, ka buɗe ka tarar jerin manazarta ne, da ayoyi, da maganganun da aka sa wa alamar zance yadda ya kamata. Wani kuma ya nuna kashi 9, amma taran nan shafi huɗu ne a jere daga mutum ɗaya babu suna. Na biyun shi ne mai laifi. Iyakar da makarantar karatun gaba da digiri ta sa tana cikin littafin jagora da aka raba muku, ku kiyaye ta, amma kada ku tsaya a kanta.

In rahoton ya fito, ka buɗe shi gaba ɗaya. A gefe akwai jerin wuraren da aka sami kamanni, kowanne da launinsa da kasonsa. Ka fara da na sama, mafi girma. Duk wurin da aka shafa wa launi, ka tambayi kanka ko akwai alamar zance, ko akwai suna, ko kuwa irin rigar marinar nan ce. Sannan ka koma littafin bayananka ka gyara daga tushe, ta hanyar rufe littafi da sake faɗa. Masu sauya kalma ɗaya-ɗaya don lamba ta sauka suna ɓata Turancinsu ne kawai, mai jarrabawa kuma yana gani. Manhajar tana da wurin da ake cire manazarta da maganganun cikin alamar zance daga lissafi, sai ka tambayi jami'in da ke kula da ita ko ƙa'idar makaranta ta yarda. Kada kuma ka kai kundinka wani shago a gwada maka a asusun da ba ka sani ba. In aka adana shi a rumbun manhajar, ranar da makaranta ta gwada sai ya yi kama da kansa kusan ɗari bisa ɗari, ka shiga wahalar bayani. Abin da manhajar ba ta gani ba, kamar tsohon kundin da ke kan kanta bai taɓa shiga kwamfuta ba, malamin da ya duba shi shekarun baya yana iya kasancewa a teburin da za ka kare naka.

Daren da za ka kai a ɗaure kundi, ka zauna da fensir da wani abokin karatu. Kai kana karanto kowane suna da shekara daga cikin babi-babi, shi yana sa alama a manazarta. Duk sunan da ke ciki ya zama yana ƙarshe, duk wanda ke ƙarshe ya zama an ambace shi a ciki, shekarun kuma su dace. Wanda ya rage babu alama, ko dai ka manta ka ambace shi a inda ka yi amfani da shi, ko kuma ba ka karanta shi ba ka sa shi don ado, sai a cire.

Ranar Talata mai zuwa kowa ya zo da littafin bayanansa da maƙala ɗaya a fagensa. A shafin farko ina son in ga shaidar maƙalar cikakkiya, a ƙasa kuma sakin layi ɗaya da K, ɗaya da M, ɗaya da N. Za mu karanta na M a fili, maƙalar tana buɗe a hannun na kusa da kai. Mai tambaya ya ɗaga hannu, sai mu tashi kafin azahar saboda masu komawa nesa.